Kurmin Osun: Abin Da Baƙo Zai Sa, Inda Zai Tsaya, Da Abin Da Ba Zai Taɓa Ba

A hutun Disambar da ya wuce ni da ƙanena Auta muka tafi Osogbo, babban birnin Jihar Osun, wajen kawunmu da ya fi shekara talatin yana fataucin goro a unguwar Sabo. Auta yana aji biyu a babbar sakandare, wato sa'ar da yawa daga cikinku ne, ni kuma ina karatun tarihi a jami'a. Tun a mota nake ce masa ba zan bar garin ba sai na ga Kurmin Osun, domin sau biyu sunan wurin yana fito mana a jarrabawa, kuma abin kunya ne in kwana goma a Osogbo in dawo da labarin amala kawai.

Da na faɗa wa Kawu, ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "'Yar nan, me ɗiyar Musulmi za ta je yi a wurin bautar wasu?" Na ce masa gani zan je yi, ba bauta ba. Ya ce to shi bai taɓa shiga ba, amma bai hana mu ba, da sharaɗi biyu: babban ɗansa, wanda a can aka haife shi kuma yana jin Yarabanci kamar jakin Kano da Hausa, shi zai raka mu; sannan kada mu yi abin da zai sa a zo a tsaya masa a ƙofar gida. "Ku kwana goma za ku yi ku tafi," in ji shi. "Mu a nan muke zaune da mutanen nan, kasuwarmu ɗaya."

A lokacin na ɗauka tsoron manya ne kawai. Sai da muka je muka dawo na gane abin da yake nufi.

Wane irin wuri ne?

Kurmin yana gefen gari, daji ne mai duhuwa da faɗinsa ya kai hekta 75, wato kusan filin ƙwallo ɗari idan aka jera su. Kogin Osun ya ratsa ta cikinsa. Gwamnatin Najeriya ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1965, sannan a 2005 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, na biyu a ƙasar nan bayan Sukur ta Jihar Adamawa da ta shiga a 1999. A ƙofa akwai ma'aikatan hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Su ke karɓar kuɗin shiga, kuma kuɗin ɗaukar hoto daban yake.

Wannan tikitin da ake yanka maka shi ne yake ruɗar baƙi da yawa. Mutum yana ganin tun da ya biya, ya shigo gidan zu ko wurin shaƙatawa. Alhali ga mabiya addinin gargajiyar Yarabawa, wurin gidan Osun ne, wadda suka yi imani ita ce uwar kogin, mai ba da haihuwa da waraka. Ba jiya suka daina zuwa ba, yau ma suna zuwa. A ranar da muka je, da safe, ba biki ba komai, mun tarar da mata cikin fararen kaya a bakin ruwa suna addu'o'insu.

Mai yi mana jagora ya ba mu labarin kafuwar garin kamar yadda mutanen wurin suke ba da shi. Fari ne ya kori wani sarki mai suna Larooye da jama'arsa daga garinsu, wani maharbi mai suna Timehin ya gano musu wannan kogi. Suna sharar wurin zama sai wata bishiya da suka sare ta faɗa ruwa, aka ji murya tana kukan an fasa mata tukwanen rini. Daga nan aka ƙulla alkawari: Osun za ta kare garin, su kuma za su riƙa girmama ta kowace shekara, su bar mata dajinta. An ce sarkin ya tara hannu ya karɓi wani kifi da aka aiko masa, shi ya sa har gobe sarautar Osogbo ake ce mata Ataoja, wato wanda ya tara hannu ya karɓi kifi.

Ba na kawo labarin ne don ku gaskata shi ba. Na kawo shi ne domin duk dokokin wurin daga cikinsa suka fito. Ba a sare itace a kurmin, ba a farauta, ba a kamun kifi. Wanda ya san labarin tukwanen rini ba zai tsaya yana karyar reshe don ya yi asuwaki ba, wanda kuma ya san ma'anar sunan sarkin ba zai jefi kifi da dutse don ya ga ko zai motsa ba. Saboda haka aikin farko na baƙo, tun kafin maganar kaya, shi ne ya tambayi me masu wurin suke cewa wurin ne.

Rigimar wando

Da safen nan Auta ya fito da gajeren wando iya gwiwa da rigar ƙwallo marar hannu. Taubashin nawa ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Kai, da wannan za ka je gaida Sarkin Musulmi?" Auta ya ce ai daji za mu. Ya ce, "Dajin nan fadar wasu ne. Je ka canza." Ya koma yana ƙunƙuni, ya sako dogon wando da riga mai hannu.

Babu wani allo a ƙofa da na gani an zayyana tsawon riga. Amma ma'aunin ba shi da wuya: abin da za ka sa ka je gaida babban mutum a gidansa. Gwiwa a rufe, kafaɗa a rufe, ba kaya masu ɗame jiki ba, ba riga mai rubutun shashanci a ƙirji ba. Ni doguwar riga na sa da hijabina, kuma babu wanda ya ce mini uffan a kansa. Dogayen kayan sun yi mana wani amfanin ma, domin sauron kurmi ba ya jiran dare.

Abu biyu ne ban yi tunaninsu ba sai da taubashina ya faɗa. Na farko takalmi. Akwai wuraren da ake cire shi, musamman kusa da babban ɗakin bauta na bakin kogi, don haka wanda ya sa kambas mai igiya zai yi ta kwancewa yana ɗaurewa, har gajiya ta sa ya ce bari in ɗan taka haka nan. Takalmin da ake zurawa a zare ya fi. Na biyu farin kaya. Fari daga sama har ƙasa shi ne shigar masu bautar Osun, tare da duwatsun wuya da awarwaron tagulla. Ba laifi ba ne baƙo ya sa farar riga, amma idan ka shiga fari fat za a iya ɗauka kai ma ibada ka zo, a fara yi maka abin da ake yi wa mai ibada, kai kuma ka rasa yadda za ka yi. Ni dai shawarata, a sa kaya masu launi, yadda kowa zai gane ɗan kallo ne.

Abin da ya fi wannan muni shi ne aron kayan masu ibada don a yi hoto. A 2020 'yan sanda a Jihar Osun sun kama wani mutum bisa zargin ɗaukar fim ɗin batsa a cikin kurmin, an yi shiga irin ta masu bauta. Mutanen gari sun fusata ƙwarai, kuma ba masu addinin gargajiya kaɗai ba. Ba na tsammanin wani cikinku zai kai nan, amma ɗaura farin zane da riƙe ƙararrawar tagulla ana rawa don a sa a intanet, hanyar ɗaya ce, nisan ne ya bambanta. Ku tuna yadda za ku ji idan wani ya ɗaura rawani ya riƙe carbi yana kwaikwayon salla a gaban Hubbaren Shehu a Sakkwato don abokansa su yi dariya.

Yadda ake gane inda ba a shiga

Wannan shi ne darasin da na fi jin daɗinsa, domin babu shi a littafin da muka karanta. A irin waɗannan wurare ba kasafai ake rubuta "ba shiga" ba. Akwai alamomi, kuma masu wurin suna ganin kowa ya san su, kamar yadda mu muke ganin kowa ya san namiji baƙo ba ya wuce zaure.

Alama ta farko ɗanyen ganyen kwakwar manja da aka tsattsaga aka rataya a bakin ƙofa ko aka gitta a kan hanya. Yarabawa suna ce masa mariwo. Duk inda ka gan shi, ana gaya maka cewa abin da ke gaba keɓaɓɓe ne, ka tsaya sai an ce ka wuce. Ta biyu farin ƙyalle da aka ɗaura wa bishiya ko aka rufe wani abu da shi. Ta uku abin da ke ƙasa: ƙwarya ko kasko da abinci a ciki, agidi a ganye, goro, wuri, gashin tsuntsu, dutsen da manja ya yi wa ja. Ta huɗu, wadda ta fi sauƙi, tarin takalma. Inda ka ga an zube takalma, naka ma nan ne iyakarsa.

A wajen alama ta uku Auta ya fara yin kuskure. Muna tafiya ya hango wuri guda uku a gindin wata bishiya, farare tas, ya sunkuya zai ɗauka, wai zai kai wa abokansa tsaraba. Jagoranmu bai ɗaga murya ba, hannu kawai ya ɗaga masa. Ya ce wani ne ya ajiye su da wata buƙata tasa, wataƙila ciwo, wataƙila neman haihuwa, kuma a wajen mai su ba yasassu ba ne. Auta ya ce shi ai bai yarda suna da wani tasiri ba. Jagoran ya ce, "Ban ce ka yarda ba. Na ce ba naka ba ne."

Na daɗe ina juya wannan amsar. Yawancin rigimar baƙi da masu wuri a nan take. Baƙo yana ganin tun da bai yi imani da abu ba, ba komai don ya taɓa shi, ko kuma yana ganin idan ya kiyaye dokar kamar ya yi imani ke nan. Alhali maganar mallaka ce. Kuɗin da aka jefa a asusun masallaci, wanda ba Musulmi ba ma ya san ba ya ɗauka.

Haka ma gumakan siminti da suka cika kurmin, wasu sun fi gida tsawo, masu manyan idanu da hannaye barkatai. Yawancinsu ba tsofaffi ba ne kamar yadda mutum zai zata. A shekarun 1950 wurin ya fara lalacewa, gara ta ci ɗakunan bauta, manoma da masu saran itace suna ta cin gefensa. Wata mai zane 'yar ƙasar Ostiriya, Susanne Wenger, wadda ta zauna a Osogbo ta karɓi addinin har aka sa mata suna Adunni Olorisha, ita ce ta haɗa kai da magina da masassaƙa 'yan gari, irin su Adebisi Akanji, suka sake gina wuraren suka yi waɗannan siffofi. Ta rasu a Osogbo a 2009 tana da shekara 93. Simintin da ya shekara hamsin a cikin damshin kurmi yana tsagewa, kuma gyaransa aikin watanni ne. Wanda ya hau kafaɗar gunki don ya yi hoto laifi biyu ya yi: ya ci zarafin abin bautar wasu, ya kuma iya ɓalle hannun da ba kowane magini ne zai iya mayarwa ba.

Hoton da ya kusa jawo mana magana

Mun gangara bakin kogi, inda mutum-mutumin Osun yake tsaye da hannaye a buɗe. Can gefe wata mata, ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba, tana durƙushe a bakin ruwa, wata tsohuwa mai fararen kaya tana kaɗa ƙararrawa a kanta. Matar tana magana ƙasa-ƙasa, hawaye na zuba. Ni ina kallon ruwa, ban lura ba, ashe Auta ya matsa ya ɗaga waya. Ƙarar ɗaukar hoton ce ta tona shi.

Tsohuwar ta dakatar da ƙararrawa ta juyo. Ba na jin Yarabanci, amma faɗa ba ya buƙatar tafinta. Matar ta ja mayafi ta rufe fuska. Wasu maza biyu da ke zaune a inuwa suka miƙe. Auta, maimakon ya yi shiru, sai ya ce, "Ai mun biya kuɗin hoto a ƙofa."

Ga abin da taubashina ya yi, kuma na rubuta shi daki-daki domin wata rana zai iya yi muku amfani. Bai tsaya musu a kan tikiti ba. Ya karɓe wayar daga hannun Auta, ya zare takalmansa, ya matsa ya rusuna a gaban tsohuwar ya ce, "E ma binu, Mama," wato ku yi haƙuri, kada ku yi fushi. Ya ce yaro ne, baƙo ne, bai sani ba. Sannan ya juya fuskar wayar wajenta da hannun dama, ya nuna mata hoton, ya goge shi tana gani, ya shiga ma'ajiyar hotunan da aka goge ya sake goge shi a can. Ya sa Auta ya rusuna ya maimaita ban-haƙurin da bakinsa. Bai miƙa kuɗi ba, domin a irin wannan lokaci kuɗi yana iya zama ƙarin raini, kamar kana cewa nawa ne kuɗin hawayen. Tsohuwar ta yi ta faɗa na ɗan lokaci, ta yi wa Auta nuni da yatsa, daga baya ta ɗaga hannu alamar mu tafi. Mazan suka koma suka zauna.

Da muka yi nisa jagoran ya yi mana bayanin da ya kamata mu nema tun a ƙofa. Kuɗin hoto na gine-gine ne da bishiyoyi da kogi da birai. Bai sayi fuskar kowa ba. Matan da suke zuwa bakin ruwan da yawansu neman haihuwa ne ya kawo su, wasu ko mazajensu ba su san sun zo ba, wasu kuma a gari ana ganinsu a coci ko a masallaci. Hoto ɗaya da ya shiga intanet yana iya kashe aure. Auta ya yi tsit. Ina jin sai a lokacin ya daina ganin abin a matsayin tsohuwa ta yi masa masifa a banza.

Dokar dai ita ce: mutum ba a ɗaukarsa sai an tambaye shi, mai ibada kuwa ba a ma tambayarsa yana cikin ibada, jira ake ya gama. Cikin ɗakin bauta ba a ɗauka sai mai kula da shi ya yarda. Idan aka ce a'a, an gama magana, ba a komawa gefe a ɗauka a sace.

Girmamawa daban, shiga ibada daban

Na san tambayar da ke ran da yawanku, domin ita ce ta Kawu. Idan na cire takalmi, na yi shiru, na rusuna wa tsohuwa, ban shiga abin da addinina ya hana ba?

Ni ba malama ba ce, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa kafin ya je, ko ya haƙura da zuwan. Amma ga inda na ja wa kaina layi. Cire takalmi, rage murya, gaida manya, barin kayan mutane a inda suke, duk ladabin baƙunta ne. Kuma aya ta 108 a Suratul An'am ta hana Musulmi zagin abin da wasu suke bauta wa, don kada su ma su rama da zagin Allah cikin jahilci. Abin da ke ɗaya gefen layin shi ne a yi maka addu'a da ƙararrawa, ka jefa wani abu a ruwa, ka sa kuɗi a farantin da ke gaban ɗakin bauta, ko ka sha ruwan kogin da sunan magani. Waɗannan ibada ne, kuma babu wanda ya tilasta mana ko ɗaya.

An dai yi mana tayi. Wata daga cikin matan da ke kula da wurin ta yafito ni, ta nuna mini tabarma. Na sa hannu a ƙirji, na ɗan rusuna na ce, "E se, Ma," wato na gode, na ja da baya. Ta yi murmushi ta juya wajen wasu. Shi ke nan. Ban yi mata wa'azi ba, ban yamutsa fuska ba, ban ce "a'uzubillahi" da ƙarfi don ta ji ba. Abin da ke da muhimmanci shi ne mutum ya yanke shawara tun kafin ya isa, domin wanda ya zauna a tabarma aka fara, sannan ya zabura ya miƙe a tsakiya, ya fi wanda ya ƙi tun farko ɓata wa mutane rai.

Maganar shan ruwan kuwa har da ta lafiya. A 2022 an yi ta ba da rahoton cewa haƙar zinare da ake yi a yankin Ilesa ta gurɓata kogin, har gwamnatin jihar ta gargaɗi masu zuwa biki kada su sha.

Wani lokaci ma dokar wuri takan zo da abin da ba za ka iya ba sam. A tsaunukan Tongo da ke kusa da Bolgatanga a arewacin Ghana akwai wurin bautar Tengzug na mutanen Talensi, inda duk mai shiga, mace ko namiji, sai ya cire takalmi ya tuɓe riga. Ni ba zan iya ba, kuma na san yawancinku haka ne. Abin yi a nan ba shi ne a tsaya ana ciniki ko a kutsa da riga ba. Sai ka ce ka gode, ka tsaya a waje ka jira 'yan uwanka.

Idan a watan Agusta za ku je

Dogon hutunku yakan zo daidai da bikin Osun, wanda ake yi mako biyu a Agusta. A ranar ƙarshe wata budurwa daga gidan sarauta, ana ce mata Arugba, takan ɗauko ƙwaryar hadaya a kai daga fada zuwa kurmi, dubban mutane na biye da ita. Ba ta magana a hanya, kuma a wajen masu bikin mugun abu ne ta yi tuntuɓe. Don haka akwai samari masu bulala da suke buɗe mata hanya, kuma taubashina ya ce bulalar ba ta tambayar ko kai baƙo ne. Kada ka gitta ta gabanta, kada ka kutsa don ka sami hoto na kusa. Wanda yake son ya ga kurmin a natse, ya ji bayani, gara ya je a wani watan kamar yadda muka yi.

Ƙauye ma gidan wasu ne

Da na dawo makaranta na ba wata 'yar ajinmu labari, 'yar yankin Madagali ce, ta ce ai abin da Auta ya yi da wuri shi baƙi suke yi a Sukur. Sukur ƙauye ne a kan tsaunukan Mandara, ana hawa ta wata hanya da aka shimfiɗe da duwatsu, a sama akwai gidan sarkinsu, Hidi, wanda aka gina da dutse, ga gonaki hawa-hawa a jikin tsauni, ga rumbuna, ga ramukan da ake turke bijimai a ciki. Wurin ya sha harin Boko Haram a 2014, don haka ba a tashi a tafi sai an binciki lafiyar hanya.

Ta ce a can babu katanga tsakanin wurin kallo da wurin zama. Tukunyar da ka gani a kife a lungu tana iya zama wurin da mai gida yake tuna kakanninsa. Tarin duwatsun da ka zauna a kai don ka huta yana iya zama kabari. Rumbun da ka leƙa kuwa asirin gida ne, kamar mutum ya zo gidanku ya buɗe tukunyar miya. Saboda haka ana fara zuwa gaida sarki ko wakilinsa, a faɗi abin da ya kawo mutum, a ba shi ɗan gari ya raka shi, sannan duk inda zai zauna ko ya taka ya tambaya. Abin da ya fi ɓata mata rai, in ji ta, 'yan birni masu toshe hanci da masu cewa "Allah sarki, har yanzu a haka suke?" da Hausa, sun manta mutanen wurin suna jin Hausa sarai. Sai masu watsa wa yara alewa suna ɗaukar bidiyon wawaso. Idan da tsaraba, a ba babba da hannun dama, shi ya san yadda zai raba.

A Osogbo ma gaisuwar ce ta fi yi mana aiki. Yarabawa ba sa wasa da ita: namiji yakan kwanta wa babba, mace ta durƙusa. Ba a sa ran baƙo ya kwanta, rusunawa irin tamu ta isa. "E kaaro" da safe, "e kaasan" da rana. Wannan "e" ɗin shi ne "ku" namu na girmamawa, kuma barinsa a wajen babba rashin kunya ne.

Da daddare a ranar, muna cin tuwo, Kawu ya tambayi yadda aka yi. Ni da taubashina muka kalli juna. Auta da kansa ya ba da labarin hoton, bai rage komai ba. Kawu ya ajiye loma ya tambayi kamannin tsohuwar, aka kwatanta masa: doguwa, mai wushirya, da tsagar Yarabawa a kumatu. Ya ce in dai ita ce, ƙanwarta na sayen goro a rumfarsa duk ranar kasuwa. Washegari da sassafe ya ƙulla goro ashirin a ganye, ya ce Auta ya sa doguwar rigarsa ya biyo shi.